Haƙori da zawo: tafiya tare ba ita ce sanadi ba

Ɗalibai masu nazarin zamantakewa sukan zo asibitinmu na sha-ka-tafi da takardun tambayoyi, suna tattara bayanai don aikin kammala karatu. Ina maraba da su, domin abin da suka rubuta yau shi wani zai ɗauka gobe ya tsara wa jama'a shiri a kansa. Sai dai akwai kuskure guda da nake yawan gani a rahotanninsu: da sun ga abu biyu suna tafiya tare, sai su rubuta cewa ɗaya ne ya haddasa ɗayan. A ɗakin karatu wannan kuskuren maki yake ci. A wurinmu kuwa yana iya cin rai.

Bari in fara da abin da kowa ya sani a gidansu. Wata rana wata uwa ta kawo mini ɗanta ɗan wata takwas, idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, na ja fatar cikinsa na saki ta daɗe ba ta koma ba. Na tambaye ta kwana nawa yana zawo, ta ce huɗu. Na ce, "Baiwar Allah, me ya hana ki kawo shi tun farko?" Ta ce, "Malama, ai haƙori ne. Kakarsa ta ce da ya fito zai tsaya."

Ba ƙarya kakar ta yi ba game da abin da idonta ya gani. Ta raini 'ya'ya da jikoki, kuma sau da yawa ta ga zawo ya zo daidai da fitowar haƙori. Alaƙar tana nan. Fassarar ce ta kuskure. Haƙoran farko sukan fara fitowa wajen wata shida, su ci gaba har yaro ya haura shekara biyu. A daidai wannan lokacin ne ake fara ba yaro kunu da koko da ruwan randa, bayan da nono kaɗai ya sani. A lokacin ne yake fara rarrafe, yana ɗaukar takalmi da kashin kaji yana kaiwa baki. A lokacin ne kuma garkuwar da ya samo daga uwa tun yana ciki take raguwa. Wato akwai abu na uku, shekarun yaron, wanda shi ne ya kawo haƙori ta wannan hanya, ya kawo ƙwayoyin cuta ta waccan. Haƙori yana sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma zawon da ke zuƙe ruwan jikin yaro na ƙwayoyin cuta ne, kuma maganinsa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, ba jiran haƙori ba.

Ɗalibi, ka lura da nan. In ka zagaya gidaje ka tambayi iyaye mata ko ɗansu ya yi zawo lokacin haƙori, yawancinsu za su ce e, kuma lissafinka zai nuna alaƙa mai ƙarfi. Amma fitowar haƙora ashirin tana ɗaukar kusan shekara biyu, don haka kusan duk zawon da yaro ya yi a tsakanin nan akwai haƙorin da za a ɗora wa laifi. Tambayar da za ta raba gardama ita ce: a cikin yara 'yan wata takwas, waɗanda haƙori ke fito musu a wannan makon sun fi sauran tsararsu zawo? Tsara da tsara ake gwadawa, ba ɗan wata takwas da jaririn wata biyu ba.

Misali na biyu ya fi yi mini ciwo. Akwai iyalan da da sun ga an jawo tukunyar iskar oksijin sai su fara salati, wasu ma su ce a cire, wai duk wanda aka sa wa ba ya tashi. Mu ƙaddara wasu alƙaluma don mu ga yadda abin yake, ba na wani asibiti ba ne, na koyarwa ne. Yara 200 masu ciwon huhu, an sa wa 100 iskar, ba a sa wa 100 ba. Cikin waɗanda aka sa wa, 17 suka rasu. Cikin waɗanda ba a sa wa ba, 12. Wanda ya tsaya nan zai ce biri ya yi kama da mutum.

To, mu raba su gwargwadon tsananin ciwo a ranar da aka kawo su. Ma'aikaci ba ya ɗaukar iska ya sa wa kowa, wanda numfashinsa ya fi sarƙewa shi yake fara dubawa. Saboda haka cikin 100 da aka sa wa, 80 masu tsanani ne, 20 masu sauƙi. Cikin 100 da ba a sa wa ba, 20 ne kawai masu tsanani, 80 masu sauƙi. Masu tsanani da suka samu iska, 16 cikin 80 suka rasu, wato ɗaya cikin biyar. Masu tsanani da ba su samu ba, 8 cikin 20, wato biyu cikin biyar. A ɓangaren masu sauƙi kuwa, 1 cikin 20 a nan, 4 cikin 80 a can, duk ɗaya ne. Ashe iskar ta rage mutuwar masu tsanani da rabi, amma jimillar ta nuna akasin haka. Kusantar mutuwa ce ta jawo iskar, ba iskar ce ta jawo mutuwa ba. Irin wannan juyin yana nan a fagenku: unguwar da ta fi yawan 'yan sintiri takan fi yawan sata, domin satar ce ta sa aka kafa sintirin.

Hanyar da ta fi tabbas wajen gano sanadi ita ce a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa ɓangare ɗaya abin, a hana ɗayan. Ƙuri'a ba ta san mai tsanani da mai sauƙi ba, sai ta watsa su ko'ina daidai. Amma ba wanda zai hana yaro mai sarƙewar numfashi iska don bincike, kamar yadda ba za ka jefa ƙuri'a ka cire wasu 'yan mata daga makaranta ba. Don haka yawancin aikinku na lura ne, kuma nauyin yana kan tambayoyin da kuka tsara tun kafin ku fita.

Kada kuma ku wuce gona da iri ku ce alaƙa ba ta nufin komai. Ruwa ba ya tsami banza. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙar shan taba da sankarar huhu a Birtaniya, ba tare da sun tilasta wa kowa shan taba ba. Abin da ya sa maganar ta tabbata shi ne alaƙar tana da girma ƙwarai, shan tabar ya riga ciwon da shekaru, wanda ya fi sha ya fi shiga haɗari, wanda ya daina haɗarinsa ya ragu, kuma bincike a wasu ƙasashe ya zo da abu ɗaya.

Ɗalibar da ta zo mana kwanakin baya tana son gwada ko ilimin uwa yana rage zawon yara. Takardarta tambaya biyu ta ƙunsa: ajin da uwa ta kai, da sau nawa yaro ya yi zawo. Muka zauna a benci muka ƙara wata nawa yaron yake, daga ina gidan ke ɗebo ruwa, akwai masai ko babu, me maigida yake yi, da nisan gidan daga asibiti. Gidan da ya iya barin 'yarsa ta gama sakandare sau da yawa shi ne gidan da ke da rijiyar burtsatse a kusa, kuma in ba ta rubuta wannan tun a ƙofar gida ba, ba za ta iya raba tasirin makaranta da na ruwa ba ranar da ta zauna lissafi.