Kiyaye Kuskure a Aikin Dare Mai Maimaituwa

Aikin dare mai maimaituwa shi ne wanda abubuwa iri ɗaya ke jiran ma'aikaci a jere, kamar kwalaben jini a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ko takardun magani a gaban mai ba da magani. Sauƙinsa ne haɗarinsa, domin hannu na ci gaba da aiki alhali hankali ya tafi.

A shekarar 1948 masanin Birtaniya Norman Mackworth ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi saboda masu sa ido a na'urar rada, mai gano jirage daga nesa. Ya sa mutane su yi ta kallon hannun wani agogo har tsawon awa biyu, suna lura da duk sa'ad da ya yi tsallake. Bayan rabin awa kacal sai suka fara kasa ganin wasu tsallaken. Dare kuwa yana ƙara tsananta wannan, musamman tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba, lokacin da zafin jiki ke sauka ƙasa, barci kuma ya fi rinjaye. A nan ne gyangyaɗin daƙiƙu kaɗan ke ɗauke mutum bai sani ba. Alamunsa su ne maimaita karanta layi ɗaya, nauyin ido, da mantuwar ko an gama abin da ke hannu.

Misali, kwalabe biyu sun iso da ƙarfe 4, na mata biyu masu suna ɗaya, lambar katin ɗaya 4817, ta ɗayar 4871. Idon da ya gaji farkon lamba kawai yake kamawa, ya cike sauran da kansa. Idan gwajin rukunin jini ne don ƙarin jini, wannan musanya na iya cin rai. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a tantance mara lafiya da abu biyu, wato sunansa da lambar katinsa, ba lambar gado ba. Kwalba ɗaya ake ɗauka, a furta lambarta a fili, a gwada ta da takarda, a gama da ita kafin a taɓa ta gaba. Wanda aka katse shi a tsakiya, ya koma farkon wannan kwalbar. Wannan matakin ne mutane suka fi rainawa, abin takaici, ga shi kuwa bayan katsewa ne hannu ke saurin ɗaukar abin da ba shi ba.

Barcin minti 20 kafin ƙarfe 3 yana taimakawa, inda wurin aiki ya yarda. Wanda ya zarce ya yi nisa zai tashi da magagin da kan kai rabin awa, don haka kada ya kama aiki mai haɗari nan take. Shayi, kofi da goro suna wartsake ido, amma rabin sinadarinsu mai hana barci na nan a jini bayan kusan awa 5. Wanda zai kwanta ƙarfe 8 na safe, gara ya daina shan su tun wajen ƙarfe 2.