Auna nauyin al'amura a tarihi

Auna nauyin al'amura a tarihi shi ne hukuncin da masanin tarihi ke yankewa cewa wani abu da ya faru ya fi wani cancantar a tuna da shi, tare da kawo hujja. Nauyin ba ya zaune a jikin al'amarin shi kaɗai. Yana fitowa ne daga tambayar da aka yi, shi ya sa yaƙi ɗaya kan yi nauyi a tarihin sarauta, ya yi sauƙi a tarihin fatauci.

Asali

Tun dā marubuta ke kāre zaɓinsu. Thucydides na Girka, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya buɗe tarihinsa da da'awar cewa yaƙin Atina da Sparta ya fi na gabaninsa girma. Ibn Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta wajen 1377, ya ga annobar tsakiyar ƙarni na 14 ta sauya duniya har ana bukatar sabon tarihi. A 1980 Geoffrey Partington ya tsara wa malaman makaranta ma'aunai biyar: yadda mutanen lokacin suka ɗauki abin, zurfin sauyin, yawan waɗanda ya shafa, daɗewar tasirinsa, da abin da yake fahimtar da mu game da yau.

Misalin Satiru

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yulin shekarar. Waɗannan kowane ɗalibi ya san su. Satiru kuwa ƙauye ne kudu da Sakkwato, tafiyar mil 14 ko kusa da haka, inda talakawa da bayin da suka gudo suka taru a kan aƙidar Mahadi, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami da ake kira Ɗan Makaho, wanda ya tsero daga ƙasar da Faransa ke mulki. A tsakiyar Fabrairun 1906 suka ɗauki fartanya da gatari da kibau suka fatattaki rundunar da Turawa suka tura musu, suka kashe Turawa 3 da sojoji wajen 25, suka kame bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris aka dawo aka shafe garin. Ana ƙiyasta mamatan da kusan 2,000.

In da faɗin ƙasa da tsawon lokaci ake aunawa, Satiru ba ta kai faɗuwar Sakkwato ba, don tawayen bai kai wata guda ba. Amma in tambayar ita ce me ya sa mulkin Turawa ya kafu a hannun sarakuna, sai ma'aunin ya karkata. A 1903 sarauta da Turawa abokan gāba ne. A 1906 Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya tsaya tare da su, mahayan Sakkwato suka shiga yaƙin, kuma an ce ya la'anci duk mai sake zama a kufan. Turawa sun gane ba su da sojan riƙe ƙasar sai da sarakuna, sarakuna kuma sun ga tawayen talakawa su ma yana iya cin su. Wannan ƙawance ya ɗore har ƙarshen mulkin mallaka a 1960, kuma ga mai nazarin mulkin Arewa, nan ne nauyin Satiru yake, fiye da yawan gawa.

Masana sun saɓa kan ma'anarta. R. A. Adeleye ya ƙarfafa Mahadiyya da ramuwar Turawa, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn kuma a 1990 sun fito da batun bayi da talakawa da alaƙarta da tawayen yankin Dosso da ke Nijar ta yau.

Kafa hujja a rubutu

Rubutu mai kyau kan faɗi hukuncinsa tun a sakin layi na farko, ya ambaci ma'aunin da ya ɗauka, da mutanen da abin ya yi wa nauyi, da tsawon lokacin. Daga nan sai kwatanci, don ba a cewa abu ya fi sai an nuna abin da ya fi: mai kāre Satiru dole ya ajiye ta kusa da Burmi ya nuna abin da ta sauya wanda Burmi ba ta sauya ba. Dole kuma ya amsa suka mafi ƙarfi, wato cewa Lugard, shugaban mulkin Turawa a Arewa a lokacin, ya riga ya fara naɗa sarakuna tun kafin 1906, don haka Satiru ƙarfafa tsarin ta yi, ba ita ta haife shi ba. Wanda ya yarda da wannan ya rage da'awarsa daidai hujjarsa ya fi mai cewa ta sauya komai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ba da labari a maimakon hukunci. Ana gane shi in aka cire jimlar ƙarshe mai cewa "don haka abin yana da muhimmanci" aka ga sauran rubutun bai rasa komai ba. Na biyu shi ne jingina duk abin da ya biyo baya ga al'amarin ba tare da nuna mahaɗin ba. Akwai kuma tarkon madogara: yawancin abin da aka rubuta kan Satiru a lokacin rahoton jami'an Turawa ne, waɗanda mutuwar mutum 3 nasu ta fi cika musu takarda.

A makarantu

Tambayar kan fito a jarrabawar tarihi da lafazin "tattauna muhimmancin" wani al'amari.