Kilojul A Jikin Kwalin Abinci: Abin Da Doka Ta Tsara Da Yadda Ake Lissafin Kalorin Cima Guda

Duk wanda ya saba sayen kayan abinci a manyan shagunan Sabon Gari, PZ ko Samaru a Zariya ya san cewa kayan gwangwani da na kwali da ake shigowa da su ba su yin magana da murya ɗaya. Wani kwalin zai rubuta yawan kuzarin da ke cikin abincin da kcal, wato kilokalori, wani da kJ, wato kilojul, wani kuma ya jera su biyun. Matsalar tana tasowa ne ga mutumin da masanin abinci a asibiti ya ƙayyade masa adadin da zai riƙa ci a rana, domin a nan ƙasar da kalori aka saba ba da irin wannan shawara, alhali kwalin da ke hannunsa kilojul kaɗai ya nuna.

Wannan bambanci daga dokokin ƙasashe ya samo asali. Tarayyar Turai, a dokarta mai lamba 1169/2011, ta wajabta a rubuta kuzari da kilojul da kilokalori tare, a kan kowane giram 100 ko mililita 100. Ostireliya da Niyuzilan sun wajabta kilojul, kuma a kan kayan Sin da na Afirka ta Kudu ma kilojul ake gani, sau da yawa ba tare da kalori ba. Amurka kuwa kalori take rubutawa, kuma a kan rabon ci ɗaya take gina lissafinta. A Najeriya, hukumar NAFDAC ce ke kula da rubutun da ke jikin abincin da aka ƙunshe, tana da ƙa'idojin da ta fitar a kan haka a shekarar 2022, kuma kayan da aka shigo da su domin sayarwa dole ne su sami rajistarta. Sai dai duk wanda ke shiga kasuwa ya san cewa kayan tsaraba da waɗanda suka biyo wasu hanyoyi suna isowa ne da rubutun ƙasar da aka yi su dominta, don haka ba makawa mai saye ya iya juya lissafin da kansa.

Kilojul da kilokalori abu ɗaya suke aunawa, kamar yadda yadi da mita duka tsawon atamfa suke aunawa. Kilokalori ɗaya daidai yake da kilojul 4.184, saboda haka ƙa'idar ita ce a raba adadin kilojul da 4.184 domin a sami kilokalori. Abin da mutane ke kira kalori a maganar yau da kullum, da kuma abin da kayan Amurka ke rubutawa da babban harafi, wato Calories, shi ne kilokalori ɗin nan, ba a sake ninka shi da dubu. Wanda ba shi da waya a kusa yana iya rabawa da 4.2, kuma kuskuren bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Rabawa da 4 ya fi sauƙi a kai, amma yana ƙara wa sakamakon kusan kashi biyar cikin ɗari.

A ganina, rabawar ba ita ce wurin da ake faɗuwa ba. Inda ake faɗuwa shi ne tambayar da ta riga ta: wannan adadi da aka rubuta, na nawa ne daga cikin abincin? Yawancin kwalaye suna da layi biyu a tsaye. Ɗaya yana ɗauke da "per 100 g", wato a kowane giram 100, ɗayan kuma "per serving", wato rabon ci ɗaya gwargwadon abin da kamfanin ya ƙiyasta. Wannan rabo ba umarni ba ne, kuma da wuya ya yi daidai da abin da mutum ke zubawa a kwanonsa. Shi ya sa ya fi kyau a dogara ga layin giram 100, a auna abin da aka ci, sannan a yi lissafin a kansa.

Mu ɗauki misalin karin kumallon wata uwargida a Tudun Wada, wadda ke son sanin jimillar abin da ta ci. Alƙaluman misali ne, amma suna kusa da abin da ake gani a irin waɗannan kaya. Ta dama ots daga kwalin da ya nuna 1,600 kJ a giram 100, kuma da ta ɗora busasshen ots ɗin a ƙaramin sikelin kicin kafin ta zuba ruwa, ya ba ta giram 60. Giram 60 kashi shida ne cikin goma na giram 100, don haka 1,600 sau 0.6 ya ba da 960 kJ. Ta zuba madarar gari giram 25 daga gwangwanin da ya nuna 2,080 kJ a giram 100, rubu'in wannan adadi kuwa shi ne 520 kJ. Ta sa sukari giram 10, wanda kowane giram nasa yake ɗauke da 17 kJ, ya zama 170 kJ. Sannan ta ci biskit, wanda ledarsa ta ce rabon ci ɗaya guda huɗu ne, giram 30, mai 600 kJ, amma ita guda shida ta ci, wato rabo ɗaya da rabi, wanda ya kama 900 kJ.

Idan aka haɗa 960 da 520 da 170 da 900, za a sami 2,550 kJ. A nan ne za a yi rabawa, sau ɗaya tak: 2,550 a raba da 4.184 ya ba da kusan 609.5, a ce kilokalori 610. Ya fi dacewa a tara dukkan kilojul tukuna sannan a juya a ƙarshe, domin idan aka juya kowane abu daban ana ta cike lambobi, ƙananan kurakurai suna taruwa, kuma kowace ƙarin rabawa wata dama ce ta latsa lambar da ba ita ba.

To amma cimar ba ta ƙare a nan ba, domin ta sha lemon kwali mililita 200, kuma wannan kwalin da kilokalori ya yi bayani: 45 kcal a mililita 100, wato 90 kcal ga abin da ta sha. Wannan adadi ba ya shiga cikin tarin kilojul. Ana ajiye shi gefe har sai an gama juyawa, sannan a ɗora shi a kan 610, jimillar karin kumallon ta zama kusan kilokalori 700. Da ta yi gaggawa ta haɗa 90 da 2,550 kafin ta raba, da ta sami 631, wato ta yi wa lemon ragin da bai cancanta ba, ta ɓatar da kusan kilokalori 70 ba tare da ta lura ba. Da kuma ba ta raba ba sam, ta ɗauki 2,640 a matsayin kalori, da ta zaci cewa da safe kaɗai ta wuce abin da ake ƙiyasta wa baligi na yini guda, wanda dokar Turai ta sa 8,400 kJ ko 2,000 kcal a matsayin ma'aunin kwatance. Irin wannan kuskure yana iya sa mai ciwon sukari da ke shan magani ya tsorata ya ƙi cin abincin rana, wanda hatsari ne a gare shi.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ma'aunin da aka yi amfani da shi idan rubutun ya goge ko yana cikin harshen da mai saye bai iya ba. Babu abincin da ya fi mai yawan kuzari, kuma zallan mai kilokalori 900 yake da shi a giram 100. Saboda haka duk adadin da ya haura 900 a layin giram 100, kilojul ne babu shakka. Sai dai ƙa'idar ba ta aiki ta ɗaya ɓangaren, domin lemo mai 190 a mililita 100 kilojul ne shi ma, duk da cewa adadin ƙarami ne. A irin wannan hali sai a nemi harafin kJ, ko kuma alamar 千焦 a kan kayan Sin, wadda ita ce kilojul a rubutunsu. A kuma lura cewa wasu ƙasashen Turai suna sa waƙafi a inda muke sa ɗigo wajen rubuta gutsuren lamba, wasu kuma suna barin tazara a tsakiyar dubbai, kamar 1 600.

Madarar gari da garin shayi na koko suna da nasu tarkon. Gwangwaninsu kan nuna layi ɗaya na garin a bushe, da wani layin na abin sha bayan an dama shi da ruwa yadda kamfani ya tsara. Wanda ya auna gari a bushe amma ya karanta layin damamme zai sami adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da gaskiya. Haka nan taliya, shinkafa da ots: adadin da ke jikin leda yawanci na busasshe ne, kuma ruwan da suka sha wajen dahuwa yana ƙara musu nauyi ba tare da ya ƙara kuzari ba. Wanda ya auna dafaffiyar taliya ya lissafa ta da adadin busasshiya zai ninka abin da ya ci fiye da sau biyu.

Wani abin da ke rikitar da masu lura shi ne, a kwalin da ya kawo ma'aunan biyu, wani lokaci rabawa da 4.184 ba ta ba da ainihin adadin da aka buga. Wannan ba ha'inci ba ne. Dokar Turai da ƙa'idojin Codex Alimentarius, waɗanda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara, sun ba kamfanoni lambobi zagayayyu da za su lissafa kowane ma'auni da su daban: giram ɗaya na mai 37 kJ ko 9 kcal, giram ɗaya na furotin ko na sitaci da sukari 17 kJ ko 4 kcal. Shi ya sa za a ga giram 100 na mai an rubuta masa 3,700 kJ da 900 kcal, alhali raba 3,700 da 4.184 yana ba da 884. Idan kwali ya riga ya kawo kcal, a ɗauki nasa kawai, ba sai an juya ba.

Waɗannan lambobi kuma suna da amfani wajen gwada gaskiyar rubutu. Idan gwangwanin madara ya nuna mai giram 27, furotin giram 26 da sukari giram 38 a giram 100, sai a ninka mai da 37, furotin da sukari kuma da 17, lissafin zai zama 999 da 442 da 646, jimilla 2,087 kJ, wanda ya yi kusa da 2,080 da aka buga. Tazara kaɗan irin wannan ba komai ba ce, domin adadin da ke jikin kwali matsakaici ne na kayan gaba ɗaya, ba awon gwangwanin da ke hannu ba. Idan kuwa tazarar ta kai ɗaruruwa, to ko dai an karanta layin da ba shi ba, ko kuma rubutun kansa ba abin dogaro ba ne, kuma sai a duba ko kayan yana ɗauke da lambar rajistar NAFDAC kafin a gina lissafin cima a kansa.