Tsarin Tsabar Kuɗi da Tsarin Aukuwar Ciniki a Lissafin Kuɗin Gwamnati

Lissafin kuɗin gwamnati yana da manyan hanyoyi biyu na rubuta shiga da fitar kuɗi, kuma bambanta su tambaya ce da ake yawan yi a jarrabawar ƙungiyoyin akantoci na ICAN da ANAN a Najeriya. A tsarin tsabar kuɗi ba a rubuta komai sai ranar da kuɗi ya shiga asusu ko ya fita. A tsarin aukuwar ciniki kuwa ana rubutawa tun ranar da aka kammala aiki ko aka karɓi kaya, ko da ba a biya ba.

Tarihi

Gwamnatoci sun daɗe suna bin tsarin tsabar kuɗi saboda ya dace da kasafi, tunda abin da majalisa ke son sani shi ne ko an kashe fiye da abin da ta amince. Sashe na 80 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana cire kuɗi daga babban asusun gwamnatin tarayya sai da izinin dokar kasafi ko na kundin kansa. Raunin tsarin tsabar kuɗi shi ne yana ɓoye bashin 'yan kwangila da haƙƙin fansho, kuma ba ya nuna darajar kadarori. A 2010 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ƙa'idojin IPSAS, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na lissafin kuɗin gwamnati, daga baya aka tsayar da 2014 domin fara na tsabar kuɗi, 2016 kuma domin na aukuwar ciniki. Ana saɓani kan yadda aka aiwatar da su a jihohi.

Misali

A ɗauka an ware wa wata ma'aikata Naira miliyan 50 domin gyaran motoci. A Nuwamba ta ba da aikin miliyan 30, aka kammala shi a Disamba, amma miliyan 18 kawai aka biya kafin 31 ga wata, sauran miliyan 12 sai a Fabrairu. Tsarin tsabar kuɗi zai nuna an kashe miliyan 18 a shekarar. Tsarin aukuwar ciniki zai nuna miliyan 30, tare da bashin miliyan 12 a wuyan ma'aikatar.

A nan ne ɗalibai da dama ke tuntuɓe, domin idan aka tambaye su abin da ya rage na kason sai su ce miliyan 32. Amsar ita ce miliyan 20, saboda littafin da ake lura da kason kasafi a cikinsa yana cire kuɗin tun ranar da aka sa hannu kan takardar ba da aiki. Akantan da ya dogara da abin da aka biya kaɗai zai iya amincewa da wani sabon aikin na miliyan 32, alhali hakan ya zarce izinin majalisa da miliyan 12, kuma mai binciken kuɗi zai gano shi da zarar ya haɗa takardun ba da aiki da kason da aka ware.