An ce gwaji lafiya lau, amma ciwon ya ƙi tafiya

"An yi mini gwajin jini da hoto, an ce babu komai. Ke nan ƙarya nake yi?"

A'a, ciwonka gaskiya ne. Gwajin jini kumburi da ƙwayar cuta yake nema, hoto kuma karaya ko ƙari. Babu ɗayansu da ke auna yadda jijiyoyi suke kai saƙon zafi.

"To daga ina yake fitowa?"

Idan zafi ya daɗe yana bin hanya ɗaya, laka da ƙwaƙwalwa sukan ƙara wa saƙon ƙarfi. Sai taɓawa kaɗan ta zama raɗaɗi, gefen riga ma ya dame ka, ciwon ya tashi daga ƙugu ya bazu zuwa kafaɗa. Wani masanin jijiyoyi, Clifford Woolf, ya nuna wannan tun 1983. Raunin farko kan warke, amma jijiyar ta zauna a kan tsoronta. Da zarar an haura wata 3, ana kiransa daɗaɗɗen ciwo.

"Likita ya ce damuwa ce. Wato taɓin hankali gare ni?"

Don Allah a daina wannan fassarar. Damuwa tana ɗaure tsoka, tana raunana birkin da ƙwaƙwalwa ke taka wa saƙon zafi a cikin laka. Aikin jiki ne wannan. Kwantar da hankalinka.

"Ina ruwan barci da ciwon baya?"

Ruwansa da yawa. A 1975 wani likita mai bincike, Harvey Moldofsky, ya riƙa katse wa masu lafiya barci mai nauyi na 'yan darare, suka wayi gari da ciwon tsoka. Ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Idan kana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, faɗa wa likita.

"Duk sanda na motsa sai ya ƙaru. In huta ne, ko in daure in ci gaba?"

Wannan ce tambayar da ba na iya amsa ta da kalma ɗaya, domin ya danganta. Kafin komai, akwai alamun da ba a daure musu: rama ba dalili, zazzaɓi, ƙafa tana mutuwa ko tana ja, fitsari ko bayan gida na kuɓucewa, rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ko sabon ciwo ga wanda ya taɓa yin ciwon daji. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ya koma asibiti, ko jiya aka ce masa gwajinsa lafiya. Maganar fitsari da mutuwar ƙafa kuwa ba a bari ta kwana.

Idan babu su, to yawanci kwanciya da daurewa duk ɓata lamarin suke yi. A ɗauki mace mai shekara 41, wata 14 tana fama da baya. Ranar da ta ji sauƙi sai ta yi tafiyar minti 30, ta haɗa da duk aikin da ya taru, washegari ko sunkuyawa ta ɗauki takalmi ba ta iyawa, sai kwana biyu a gado. Ranar wahala minti 10 ne iyakarta. Tsaka-tsakin biyun minti 20 ne. Sai a rage kashi ɗaya cikin biyar, ta fara da minti 16 kullum, agogo a hannu. Ranar daɗi ta tsaya a 16 ko da ƙafa na son ƙari, kuma nan ne yawancin mutane suke faɗuwa. Ranar wahala ma ta yi ƙoƙarin cika 16 ɗin, ko da a raba shi biyu. Bayan mako guda ta ƙara minti 1 ko 2.

Ta yaya za ta gane ta wuce gona da iri? Zafin da ya ɗan ƙaru amma ya lafa kafin awa 24, yawanci ba alamar ɓarna ba ne. Idan ya kwana ya wuni yana ci, ko ya hana ta barci, ta koma adadin makon baya, kada ta daina gaba ɗaya. Duk da haka wannan lissafi bai dace da kowa ba. Wanda ƙaramin aiki ke kayar da shi da matsananciyar gajiya ta kwanaki, musamman bayan wata rashin lafiya, ƙarin minti na iya cutar da shi, sai an duba shi tukuna. Kuma sauƙin a watanni ake ganinsa, tare da ranakun koma baya a tsakani.

"In sake yin hoto mana?"

Idan babu sabuwar alama, a'a. Mutane da yawa da ba sa jin komai, hoton bayansu yana nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya ɗan bulluƙo. Ka gani ka tsorata, ka ƙara ƙin motsi.

"Wane magani ne ya fi ƙarfi?"

Kullum sai an yi wannan tambayar. Diklofenak da ibufurofen kumburi suke kashewa, shan su wata da watanni kuma yana cin ciki da ƙoda. Taramol yana kama mutum, kuma irinsa kan ƙara wa jijiya saurin jin zafi. Likita na iya rubuta amitiriftilin kaɗan da dare, kamar miligiram 10, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Kada ka saya da kanka, musamman idan kana da ciwon zuciya.