Sanarwar rage ma'aikata: wa ake fara sallama, kuma wata guda ne kawai haƙƙinsa?

Duk sanda wani kamfani ko ƙungiyar agaji ta rufe wani sashe a nan Damagaram, zance biyu ne ke yawo a fada da tashar kabu-kabu: wai wanda ya shigo daga baya shi ke fara fita, kuma wai albashin wata guda za a ba mutum a ce ya nemi wani gun. Duka biyun ba haka suke a doka ba, kuma tsoron da suke haifarwa na sa mutane karɓar abin da bai kai haƙƙinsu ba.

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ita ce ta tsara sallama saboda matsin tattalin arziki. Ta shafi ma'aikatan kamfanoni da na ƙungiyoyi masu kwantiragi. Ma'aikatan gwamnati na dindindin da tasu dokar daban.

Takardar da mai gida zai miƙa maka ba ita ce farkon magana ba. Kafin ta, dole ya tara wakilan ma'aikata, delege-delege, a zauna tare da sufeton ƙwadago. Aƙalla kwana 15 kafin zaman zai aika musu da takardun da ke bayyana dalilin ragewar, ma'aunin da ya bi, sunayen waɗanda abin zai shafa da ranar da yake nufi. Saboda haka in sanarwa ta zo maka da kalamai masu taushi, ana jajanta maka, ana gode maka, karɓi jajen, amma ka tambayi delegenku yaushe aka yi wannan zama. In ya ce bai san da shi ba, ga alamar farko cewa an tsallake hanya.

Ma'aunin zaɓe shi ne inda aka fi ruɗewa. Doka ta ce a dubi ilimin aiki da ƙwarewar mutum, a dubi kuma daɗewarsa a wurin. Sai dai daɗewar ba shekarun aiki zalla ba ce: ana ƙara wa mai aure shekara 1, ana kuma ƙara shekara 1 kan kowane ɗa da ke wuyansa, bisa ƙa'idar kuɗin iyali irin wanda CNSS ke biya.

A ɗauki direbobi biyu, lasisinsu ɗaya, ba wanda ya fi wani iya aiki, kuma mota guda ta rage. Na farko ya shekara 9, bai yi aure ba, lissafinsa 9 ke nan. Na biyu shekararsa 6, yana da aure da 'ya'ya 4: 6 da 1 da 4, ya tashi 11. A wannan ma'auni wanda ya riga shiga shi ne sunansa zai fara fitowa. To ina zancen na baya shi ke fara fita? Abin lura shi ne, 'ya'yan da ba a yi musu takardar haihuwa ba, ba a kai sunansu ba, da wuya su shiga lissafin, kuma iyaye da yawa sai ranar sallama suke tuna wannan.

Ni dai ina ganin hikimar dokar, don gidan da ya fi yawan baki shi ya fi jin rashin albashi. Amma saurayin nan mai shekara 9 wataƙila shi ke ciyar da tsohuwarsa da ƙannensa a Mirriya, kuma doka ba ta ƙirga masa ko ɗaya ba. Wannan bai kwanta mini ba.

Batun wata guda kuwa, gaskiya ce aka gutsure. Akwai diyya ta musamman daidai da albashin wata ɗaya kafin a cire komai, ba a kuma cire mata haraji. Mai albashin jika 150 zai karɓi jika 150 cif. Amma ƙari ce a kan sauran: wa'adin sanarwa ko kuɗinsa in an ce ka tafi nan take, diyyar sallama da ake lissafawa kan shekarun aikinka, da kuɗin hutun da ba ka ci ba. Nemi a rubuta maka kowanne a layinsa. In an dunƙule su a adadi guda, ba za ka gane wanda aka tsallake ba. Sa hannu kan takardar da ta ce an gama biyanka duka bai rufe maka ƙofar neman ragowar ba, a ofishin sufeto tukuna, in ba a daidaita ba sai kotu.

Kar ka fita ba takardar shaidar aiki a hannunka, da ita za ka je ANPE, hukumar samar da aikin yi. Ka kuma bar musu adireshi da lambar wayar da za a same ka, domin har shekara 2 kana gaban kowa idan suka sake neman ma'aikaci a irin matsayinka.