Saka tambari a bidiyo da yawa lokaci ɗaya: ga amsa, a daina ta kirana

Oga ina da bidiyon biki sun kai 60, dole sai na buɗe kowanne na manna tambarin shagonmu?

A'a. Ka sa ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, a kwamfutarka, kyauta ne.

To yaya ake yi?

Ka tara bidiyoyin a folda ɗaya da tambarin, sunansa `logo.png`, ka ƙirƙiri wata folda a ciki mai suna `sabo`. Buɗe Notepad ka rubuta wannan, ka ajiye da suna `saka.bat` a wurin, ka danna shi sau biyu:

```
for %%f in (*.mp4) do ffmpeg -n -i "%%f" -i logo.png -filter_complex "overlay=W-w-20:H-h-20" -c:a copy "sabo\%%f"
```

Tambarin zai zauna a kusurwar ƙasa ta dama, tazarar fiksel 20 daga baki. In sama ta hagu kake so, mayar da shi `overlay=20:20`.

Tambarin ya fito da farin akwati a bayansa

Hoto mai bango ka sa, irin na JPG. Nemo PNG marar bango wurin wanda ya zana maka.

Zai goge min na asalin?

Kwantar da hankalinka ƙanena, ba ya taɓa su, sababbin a `sabo` suke sauka. Amma don Allah kar ka goge na asali da hannunka wai don samun wuri, tambari in ya hau ya hau kenan, ranar da uwar amarya ta ce a ba ta marar tambari me za ka ce mata?

Yallaɓai a wani bidiyon tambarin ɗan mitsitsi, a wani kuma ya rufe fuskar ango, kuma abu ɗaya na rubuta

Yauwa, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. Shi ffmpeg yadda ka ba shi hoton haka yake manna shi, bai duba girman bidiyon. Wani yaro da ke ɗaukar biki a Jekadafari nan Gombe ya kawo min irin wannan, tambarinsa faɗin fiksel 300 ne, a bidiyon kyamara mai faɗin 1920 ya zauna daidai don bai kai kashi ɗaya cikin shida ba, amma a cikin foldar akwai waɗanda dangin amarya suka turo ta WhatsApp masu faɗin 480, to 300 a kan 480 ai ya wuce rabi, ya cinye komai.

Akwai hanyar da tambarin zai riƙa bin tsayin kowane bidiyo, sai ka canza abin da ke cikin `-filter_complex` da wannan:

```
[1:v][0:v]scale2ref=w=oh*mdar:h=ih/10[l][v];[v][l]overlay=W-w-20:H-h-20
```

Wato tsayin tambari ya zama kashi ɗaya cikin goma na tsayin bidiyo. Sau da yawa yana warware matsalar, amma ba kullum ba, kuma abu biyu ne. Na farko ya danganta da ffmpeg ɗin da ka sauke, sababbin suna gargaɗin an daina yayin `scale2ref`, don haka gwada a bidiyo ɗaya tukuna. Na biyu bidiyon waya na tsaye: tsayinsa 1920 faɗinsa 1080, tambarin zai samu tsayin 192, in kuma irin dogon nan ne mai sunan shago wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa sau uku, ya zama 576, ka ga ya sake wuce rabi.

Ni dai abin da nake yi, kuma ban ce shi kaɗai ne daidai ba, ina raba folda uku: na kwance, na tsaye, da ƙananan WhatsApp, kowacce da tambarinta da na rage daidai da ita, sai in bi da umarnin farko. Minti biyar ne rabawar. Sai dai ka raba da idonka, don wasu wayoyin suna rubuta 1920x1080 a bayanan fayil alhali in ka kunna a tsaye yake.

An ɗauke wuta ana tsakar aiki, daga farko zan koma?

A'a, amfanin `-n` kenan, yana tsallake duk wanda ya riga ya shiga `sabo`. Amma na ƙarshen da wutar ta yanke bai cika ba, shi ma tsallake shi zai yi, goge shi kafin ka sake kunnawa. Za ka gane shi, ba ya buɗuwa, ffmpeg kuma yana cewa `moov atom not found`.

Ya cika jinkiri wallahi, ba yadda za a kwafa kawai?

Babu, na faɗa na sake faɗa, saka tambari sai an sake sarrafa hoton gaba ɗaya, sauti ne kawai ake kwafa. Ƙara `-preset veryfast` kafin sunan fayil ɗin ƙarshe. In hoton ya dusashe ƙara `-crf 20`, asalinsa 23 ne, ƙaramar lamba ta fi kyau amma fayil ya fi nauyi. Ka jona caji, ka ɗaga kwamfutar daga kan katifa ta sha iska.